Tambayar rijiya da salga: me ya sa aka soke mini "tafasa ruwa"?

Hafsat_Agege: Assalamu alaikum jama'a. Ina shirin jarabawar duba-gari ta WAHEB, wato hukumar jarabawar ma'aikatan lafiya ta Afirka ta Yamma, kuma akwai tambayar gwaji da malaminmu ya ba mu wadda ta tsaya mini a rai. Da Turanci take, ga ma'anarta: wani gidan haya mai mutum 40, suna da salga ɗaya da rijiya mara zurfi, tsakaninsu mita 8. Bayan ruwan sama mai yawa, mutum 9 suka kamu da amai da gudawa cikin kwana 3. (a) Ta wace hanya cutar ta bi? (b) Mene ne shingen farko da ya kamata ya tare ta? (c) An zuba kilorin miligiram 2 a kowace lita, bayan minti 30 aka auna aka tarar da saura 0.5. Nawa ruwan ya cinye? A (a) na ce ruwan sha, an ba ni maki. A (b) na ce tafasa ruwa ko sa kilorin, aka soke. Na kasa gane dalili. In ruwa ne ya kawo cutar, ai gyara ruwan shi ne abin farko.

SadiqMile12: Wa alaikumus salam. An danne miki maki ne kawai. Kwalara cutar ruwa ce, kowa ya san haka. Tun 1854 da John Snow ya bi diddiginta a Landan ya sa aka cire hannun famfon Broad Street aka gama wannan magana. Ki koma wurin malamin.

Baba_Dubagari: Wa alaikumus salam 'yata. Malaminki bai zalunce ki ba. Kalmar "farko" ce ta rikita ki. Ke kin ɗauke ta a matsayin abin da za ki fara yi ranar da kika isa gidan, shi kuwa mai tambaya yana nufin wurin da shingen yake tsaye a kan hanyar cutar.

Ki tuna zanen nan da Wagner da Lanoix suka fitar a 1958 ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya. Bayan gida yana gefe ɗaya, bakin mutum yana ɗaya gefen. A tsakani akwai ruwa, yatsu, ƙuda, ƙasa, sannan abinci. Da Turanci duka biyar da harafin F suke farawa, shi ya sa kuke kiransa zanen F. Shingen farko shi ne wanda yake hana bayan gida fita cikin muhalli tun asali, wato salga mai kyau, a wurin da ya dace, wadda ba ta yoyo kuma ƙuda ba ya shiga ya fita. In wannan ya tsaya, an toshe hanyar ruwa da ta ƙuda da ta ƙasa a lokaci guda. Tafasa ruwa, kilorin, rufe abinci, wanke hannu kafin a ci, duk waɗannan suna aiki ne bayan ƙazantar ta riga ta tsere, suna tare ta kafin ta kai baki. Su ne shinge na biyu.

A gidan da aka ba ki, shingen farko ya karye ne saboda an haƙa ramin salga kusa da rijiya. Abin da aka fi koyarwa shi ne a bar aƙalla mita 30 tsakaninsu, salgar ta kasance ta gangare, kuma gindin ramin ya yi aƙalla mita 1.5 sama da inda ruwan ƙasa yake kaiwa. Da aka ce miki mita 8 kuma aka ce an yi ruwan sama, an ba ki amsar a hannu: ruwan ƙasa ya taso, ya haɗe ramin da rijiyar.

Hafsat_Agege: Na gode Baba, Allah ya ƙara girma. Wato da an tambaye ni matakin gaggawa, amsata daidai ce?

Baba_Dubagari: Ƙwarai. In aka ce matakin gaggawa, sai ki ce a hana shan rijiyar, a kawo ruwa mai kilorin, a ba marasa lafiya ruwan gishiri da sukari, a kai su asibiti, a sanar da hukuma. Ki riƙa kallon kalmar da aka yi tambayar da ita kafin ki ɗora biro.

SadiqMile12: To na yarda da batun shinge. Amma Baba, a littafin da nake karantawa an sa wanke hannu a shingen farko, kai kuma ka sa shi a na biyu. Wanne za mu rubuta?

Baba_Dubagari: Wanke hannu iri biyu ne, Sadiq. Akwai na bayan fitowa daga ban-ɗaki ko bayan an yi wa yaro tsarki, akwai na kafin cin abinci ko girki. Na farkon wasu marubuta suna haɗa shi da shingen farko, domin salga ba ta tare hanyar yatsu, duk kyanta. Na biyun kowa ya yarda shinge na biyu ne. In tambayar zaɓi ce kuma akwai salga a ciki, ɗauki salga. In ta rubutu ce, faɗi lokacin wanke hannun da kake nufi, mai duba takarda zai ga ka san abin da kake yi.

Nas_Rabi_IdiAraba: Bari in tsoma baki a kan yatsun nan, don a nan mu muka fi faɗawa. Mu masu tsarki da buta ne, kuma da yawa muna ganin tunda an yi da ruwa, an gama. Ruwa zalla ba ya fitar da duk abin da ke ƙarƙashin farce, sai an sa sabulu an cuɗa. Sannan a zo wurin cin tuwo, mutum shida su tsoma hannu a kwano ɗaya na wanke hannu, na ƙarshe ya wanke da dauɗar sauran. Ga kuma fo ɗin yara da ake ajiyewa a tsakar gida har rana ta take, wai kashin yaro ba komai ba ne. Alhali yaro shi ya fi yawan zawo, don haka nasa ya fi ɗaukar ƙwayoyin cuta. Na sha ganin gidan da ruwansu na leda ne tsaf, amma atini yana zagaya yaran ɗaya bayan ɗaya.

Ummu_Khalifa: Wallahi gaskiya ne Anti Rabi. Amma ni damuwata taifot. Duk wata biyu sai an ce ina da taifot da maleriya. Ashe duk ruwan nan ne? Sauro ma ai a ruwa yake.

Nas_Rabi_IdiAraba: A'a 'yar uwa, hanyarsu daban. Taifot ta baki take shiga, daga abinci ko ruwan da bayan gida ya taɓa. Maleriya cizon sauro ce, ko kin sha ruwan da sauro ya yi ƙwai a ciki ba za ki kamu da ita ta nan ba. Kuma taifot duk wata biyu abin a sake dubawa ne. Gwajin Widal da ake yawan yi yana nuna akwai ko da babu, gwajin da ake renon ƙwayar cutar daga jini a ɗakin gwaji ya fi tabbatarwa. Ki ga likita a kan wannan.

Baba_Dubagari: Tambayar Ummu Khalifa ta taɓo inda ɗalibai suka fi zubar da maki, Hafsat ki saurara. A 1972 David Bradley da abokan aikinsa sun kasa cututtukan da suka shafi ruwa gida huɗu. Akwai waɗanda ake sha a cikin ruwa, kamar kwalara da taifot. Akwai waɗanda ƙarancin ruwan wanka da wanke hannu yake yaɗawa, kamar ƙazuwa da ciwon idon nan da ƙuda ke kaiwa daga yaro zuwa yaro. Akwai waɗanda ƙwayar cutar sai ta yi zama a jikin wata halitta ta cikin ruwa, kamar tsargiya da kurkunu. Sai waɗanda ƙwari masu hayayyafa a ruwa ko cizo a bakinsa suke yaɗawa, nan maleriya take.

Tarkon yana nan. Kurkunu sha ake yi, amma ba ya cikin rukunin farko, yana na uku, domin sai tsutsar ta shiga jikin wani ɗan ƙwaro na ruwan tafki, shi mutum yake haɗiyewa. Kuma ba ruwansa da bayan gida, daga gyambon ƙafa take fita. An tabbatar da Najeriya ta rabu da shi a 2013, amma bai bar takardun jarabawa ba. Tsargiya kuma ƙwanta yana fita ta fitsari ko bayan gida, ya ƙyanƙyashe a ruwa, tsutsar ta shiga dodon koɗi, sannan ta fito ta huda fatar mai wanka. Ta fito daga ƙazanta, amma ba ta baki ta shiga ba. In aka jero miki kwalara, taifot, shan inna, tsargiya, aka ce wacce ba ta bin hanyar bayan gida zuwa baki, tsargiya ce.

SadiqMile12: Kenan duk tsutsar ciki tana cikin na baki, tunda daga kashi take.

Baba_Dubagari: Ba duka ba. Doguwar tsutsar nan da yara ke fitarwa ta baki take shiga, amma ƙwanta sai ya yi makonni a ƙasa ya nuna kafin ya iya kama wani, shi ya sa hanyarta ƙasa ce da ganyen da ba a wanke ba. Tsutsar da ke shan jini a hanji kuwa, ta tafin ƙafa take shiga idan an taka ƙasa ba takalmi.

Kuma ka ce kwalara cutar ruwa ce kawai. Rabin gaskiya ke nan. Duk cutar da ke bin hanyar bayan gida zuwa baki tana iya zuwa ta ruwan sha, tana kuma iya zuwa ta hannu da abinci idan ruwan tsafta ya yi ƙaranci. Sai dai kowace tana da hanyar da ta fi so. Kwalara tana bukatar mutum ya haɗiyi ƙwayoyi masu yawan gaske, don haka ta fi zuwa ta ruwa ko abincin da ya gurɓace sosai. Ƙwayar Shigella mai kawo atini kuwa 'yan kaɗan sun isa, shi ya sa hannu kawai yake kai ta, kamar gidan da Malama Rabi ta faɗa.

Hafsat_Agege: Baba, to a cikin tambaya ta yaya zan bambance? Ni a (a) hasashe na yi.

Baba_Dubagari: Dubi lokaci da kuma waɗanda suka kamu. Mutum 9 cikin kwana 3, daga ɗakuna daban-daban, manya da yara, kuma abin da ya haɗa su rijiya ce: wannan tushe ɗaya ne ya bugi kowa a tare. Kwalara tana bayyana daga 'yan sa'o'i zuwa kwana 5 bayan an sha, don haka lissafin ya hau. Da taifot ce da sai an yi mako ɗaya zuwa uku, kuma da zazzaɓi za ta zo. In kuwa aka ce yau yaro ɗaya, bayan kwana uku ƙanensa, sannan uwarsu, sannan ɗakin kusa, to wannan daga hannu zuwa hannu ne. A irin wannan, ƙara yawan ruwa da sabulu ya fi ƙara kilorin amfani.

Garba_MaiKura: Salamu alaikum. Ni ba ɗan makaranta ba ne, yarona ne ya nuna mini wannan magana. Ina da kurar ruwa guda huɗu a wajen Alaba Rago, yara suna turawa. Duk lokacin da amai da gudawa ya ɓarke mu 'yan ga-ruwa ake fara nunawa da yatsa. Mu kuwa daga bohol muke saya, kuma mai bohol ɗin ya taɓa nuna mini takardar gwaji cewa ruwansa lafiya lau. To laifinmu a ina yake?

Injiniya_Bello: Wa alaikumus salam Malam Garba. Takardar tana magana ne a kan ruwan da aka ɗiba a bakin famfo ranar da aka ɗiba. Abin da ake nema a ciki shi ne kada a sami ƙwayar E. coli ko ɗaya a mililita 100, domin ita ce shaidar bayan gida ya taɓa ruwa. Amma daga bakin famfo zuwa maƙogwaro tafiya ce mai nisa. Tiyon da ake cika jarka da shi yana kwana a ƙasa kusa da kwata. Jarkar da murfinta ya ɓata ana toshe ta da leda ko tsumma. Cikinta ya yi gansakuka. Sannan a gida a juye a randa ko bokiti, kowa ya tsoma moɗa har da yatsunsa. Ruwan bohol ba shi da kilorin, don haka duk abin da ya shiga daga baya babu mai kashe shi. Ba kai kaɗai ba ne, amma jarka tana cikin sarƙar.

Garba_MaiKura: Muna wankewa da omo da tsakuwa, amma gaskiya ba kullum ba. Shi kilorin ɗin nawa ake sa wa jarka ɗaya? Kada in sa ya yi yawa masu saye su gudu saboda wari.

Injiniya_Bello: Wannan ya dawo da mu (c) ta Hafsat. An zuba 2, an tarar da saura 0.5, to ruwan ya cinye 1.5 a kowace lita. Dauɗar da ke cikin ruwa ita take fara cinye kilorin, abin da ya rage shi ne mai gadi. Ana so ragowar ta kai 0.5 bayan minti 30, kuma kada ta gaza 0.2 lokacin da ruwan ya isa gida.

Ga jarka kuwa, bari mu ɗauka ruwanka ma 2 yake bukata. Garin kilorin mai ƙarfin kashi 70 cikin ɗari, in ka narka giram 15 a lita ɗaya ta ruwa ka sami haɗi mai ƙarfin kusan kashi 1, wato kowace mililita tana ɗauke da miligiram 10. Jarka mai lita 25 tana bukatar 25 × 2 = 50, sai ka raba da 10, ya ba ka mililita 5. Sirinji ɗaya ke nan mara allura. A zuba, a girgiza, a jira rabin awa. Tankin lita 1,000 zai ci mililita 200.

Sai dai Malam Garba, 2 ɗin nan misali ne. Kowane ruwa da abin da yake ci. Ana jera bokitai masu girma ɗaya, a zuba wa kowane adadi daban, bayan minti 30 a auna da ɗan abin gwajin da yake canza launi, a ɗauki mafi ƙarancin adadin da ya bar 0.5. Ka nemi duba-garin ƙaramar hukumarku ya yi muku wannan sau ɗaya. Kuma haɗin a ajiye shi a rufe, a inuwa, nesa da yara, don rana tana kashe ƙarfinsa.

SadiqMile12: Ni da na ga (c) haɗawa na yi na sami 2.5. Yanzu na ga inda na kauce, 2 ɗin ita ce jimillar.

Baba_Dubagari: Ƙarin abu biyu a kan maganar Injiniya, suna fitowa a tambayoyi. In ruwa ya yi gurɓi, kilorin ba ya aiki sosai, domin ƙwayoyin suna fakewa a jikin laka. Sai an bar shi ya kwanta ko an sa alif an tace. Haka in pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, ya haura 8 ƙarfinsa yana raguwa. Sannan akwai ƙwayar Cryptosporidium wadda kilorin na yau da kullum ba ya kashewa, sai tafasawa ko tacewa mai kyau.

Hajiya_Obalende: Ni abin da ya tsaya mini mita 30 ɗin nan ne. Baba, a Legas ina za a samu? Fili ɗaya ƙafa 60 ne da 120, mita 30 kuwa kusan ƙafa 100 ce. Ko ka kai rijiya ƙarshen gidanka, sokawen maƙwabci yana bayan katanga. A gidan da na taɓa haya, da damina ruwan rijiya har hannu yake kaiwa, kuma in an yi ruwa kwana biyu wari yake. Wurare irin su Ajegunle da Makoko ma ba a magana. Ana koya wa yara abin da ba zai yiwu ba a garin da za su yi aiki.

Baba_Dubagari: Hajiya kin faɗi gaskiya, kuma abin ya dame ni tun ina aiki. Mita 30 ƙa'ida ce ta gaba ɗaya. A ƙasa mai yumɓu ƙazanta ba ta tafiya da nisa, a yashi mai ruwa kusa irin na bakin teku kuwa, inda ramin yake zaune cikin ruwan kansa, 30 ɗin ma ba ta ba da tabbas. A irin wannan wuri sai salgar da aka ɗaga sama ko tanki mai siminti da ba ya yoyo, a riƙa kwashewa, a bar rijiyar don wanki. A jarabawa Hafsat ta rubuta 30, ta ƙara da cewa ya danganta da irin ƙasa da zurfin ruwa.

Injiniya_Bello: A nan ni da Baba muka ɗan saɓa. Tankin da ba ya yoyo yana cika da wuri, kuɗin motar kwasa yana da yawa, sai mai gida ya huda shi ya saki a kwata da dare idan ana ruwa. Na gani da idona. Ƙazantar ba ta ɓace ba, an matsar da ita ƙofar maƙwabci ne. Don haka ni a Legas ta yau na fi ba kilorin a jarka da randa muhimmanci, shi ne abin da talaka zai iya yi gobe da safe.

Baba_Dubagari: Kilorin a randa hanya ɗaya yake tarewa cikin biyar, Injiniya. Ƙudan da ya tashi daga kwatar nan ya sauka a kan tsire fa? Yaron da yake wasa a ruwan da ya malalo fa?

Nas_Rabi_IdiAraba: Ku tuna ɓarkewar kwalara ta watan Yuni 2024 a nan Legas, da ta fi tsanani a Legas Ailan, ta taɓa Kosofe da Eti-Osa. A lokacin jami'an lafiya na jiha sun ambaci wani kunun aya mara rajista da wasu daga cikin waɗanda suka kamu suka sha. Ni shi nake so a saka a tambaya. Kunun aya ba a dafa shi, ana jiƙawa a markaɗa a tace da hannu, a sa ƙanƙara, a ɗura a robar da aka tsinto. Wannan ruwa ne, ko abinci, ko yatsu?

SadiqMile12: Abinci zan ce.

Hafsat_Agege: Ni kuma zan ce abin sha ne ya kai ta baki, amma ko ruwan haɗin ne ya gurɓata shi ko hannun mai haɗawa, sai an bincika. Baba, in aka ba da zaɓi ɗaya tak fa?

Baba_Dubagari: In aka ce duk waɗanda suka kamu kunun mutum ɗaya suka sha, kuma gidajensu ba ruwa ɗaya suke amfani da shi ba, ɗauki abinci. In aka ƙara da cewa da ruwan rijiya aka haɗa, to a zana kibiya daga ruwa zuwa abinci, zanen ya yarda da haka.

Ummu_Khalifa: Ni ma ina yin kunun aya da zoɓo na sayarwa a bakin makaranta. Zoɓon ina tafasawa, ayar ce ban san yadda zan yi da ita ba. In na yi amfani da ruwan leda ya wadatar?

Nas_Rabi_IdiAraba: Ya rage haɗari, amma ki duba injin markaɗen unguwa ma, da wane ruwa suke ɗauraye shi, da kuma ƙanƙarar da kike saya. Gara ki sanyaya robar daga waje da ki jefa ƙanƙara a ciki.

Garba_MaiKura: Injiniya, garin kilorin ɗin a ina ake samunsa, kuma in na haɗa lita ɗayan nan kwana nawa za ta yi kafin ta lalace? Jarka 40 muke cikawa a zagaye ɗaya.

Injiniya_Bello: Masu sayar da kayan gyaran ruwa da sinadarai suna da shi, ka duba ƙarfin da aka rubuta a jikin mazubin kafin ka saya. Jarka 40 a mililita 5 mililita 200 ce, wato lita ɗaya za ta yi maka zagaye biyar. Kada ka haɗa fiye da abin da za ka ƙarar cikin mako ɗaya zuwa biyu. Amma a fara yin gwajin bokitin tukuna.

Hafsat_Agege: Baba, akwai wata a shafi na gaba mai kama da wannan, amma ita an ce salgar tana da bututun iska kuma ƙuda ya cika gidan duk da haka. Zan turo ta bayan Magariba in sha Allah.

Baba_Dubagari: Turo. Kafin nan ki duba ko an ambaci ragar da ke saman bututun, da kuma ko cikin ɗakin salgar yana da duhu.